Tambayoyi da Amsoshi: Fassara Gajeren Saƙon Mai Sayar da Kaya na Ƙasar Sin, da Yadda Ake Rubuta Masa Amsar Tabbatarwa da Turanci

Duk tambayoyin da ke ƙasa sun taru ne a kan saƙo guda ɗaya, irin wanda ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga ƙasar Sin yake tashi da asuba ya tarar a wayarsa. A misalin da za mu bi, wani ɗan kasuwa a Kano ya nemi filas na ruwan zafi mai cin lita ɗaya, guda 3,000, daga wata masana'anta a Yongkang, garin da ya yi suna wajen ƙera kayan ƙarfe a lardin Zhejiang. Ya rubuta doguwar wasiƙa yana tambayar farashi, da sharuɗɗan jigila, da lokacin kammala aiki, sai aka ba shi amsa da layi biyu:

```
Ok dear. 3.2 FOB. 30% TT, balance before shipping.
25 days. Can send to your agent.
```

Farashin da adadin kayan na misali ne, amma siffar saƙon da giɓin da ke cikinsa su ne abin da ake gani kullum.

Me wannan saƙo yake faɗa, kuma me ya bari bai faɗa ba?

A zahiri saƙon ya faɗi abubuwa biyar: farashin kowane filas 3.2 ne, sharaɗin jigila FOB ne, za a ba da kafin alƙalami na kashi 30 cikin ɗari ta hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki, za a cika ragowar kafin a tura kaya, kuma aikin zai ɗauki kwana 25. Sannan ya ƙara da cewa za su iya kai kayan wurin wakilinka. Kalmar `dear` ba ta nuna wata shaƙuwa ta musamman, domin al'adar masu sayarwa a intanet ce a can, da ita suke kiran kowane abokin ciniki.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da aka bari a buɗe. Ba a ce 3.2 ɗin dala ce ko yuwan ba, alhali dalar Amurka ɗaya tana kai wa kusan yuwan bakwai, kuma masana'antun da suka saba sayarwa a cikin gida sukan faɗi farashinsu da yuwan ba tare da sun ga buƙatar bayani ba. Ba a ambaci sunan tashar jirgin ruwa bayan FOB ba. Ba a ce daga wace rana za a fara ƙirga kwana 25 ba, ba a kuma fayyace abin da ake nufi da tura kaya ba. Na ƙarshe kuwa, wato kai kaya wurin wakili, yana iya rushe ma'anar FOB ɗin gaba ɗaya, kamar yadda za mu gani. Mai saƙon ba lalle yana da wata mugunyar niyya ba. Sau da yawa ma'aikaciya ce da ke amsa wa masu saye da dama a lokaci guda, cikin harshen da ba nata ba. Sai dai idan rigima ta taso daga baya, kowane ɓangare zai cike giɓin da fassarar da ta fi yi masa daɗi.

Mene ne ainihin ma'anar FOB, kuma me ya sa ake cewa bai cika ba sai da sunan tasha?

FOB ɗaya ne daga cikin sharuɗɗa goma sha ɗaya na ƙa'idojin da ake kira Incoterms, waɗanda Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya mai hedikwata a birnin Paris take wallafawa tun daga shekarar 1936. Bugun da ake aiki da shi yanzu shi ne na 2020. A ƙarƙashin FOB, mai sayarwa ne zai ɗauki kaya daga masana'anta ya kai su tashar jirgin ruwa da aka ambata, ya yi musu takardun kwastan na fita daga ƙasarsa, ya kuma biya duk abin da ake biya har kayan su hau jirgin da mai saye ya tanada. Daga lokacin da kayan suka hau jirgi, kuɗin dakon teku da inshora da duk wata asara sun koma wuyan mai saye.

To, tun da nauyin mai sayarwa yana ƙarewa ne a wani wuri takamaimai, dole a san wurin. Tashar da ta fi dacewa da kayan Yongkang da Yiwu, garin babbar kasuwar sari da ke kusa da shi, ita ce Ningbo, wadda take cikin lardi ɗaya da su. Idan kuwa wakilinka yana loda kwantenarsa ne a kudu, a Nansha ta Guangzhou ko a Shenzhen, akwai tafiyar fiye da kilomita dubu a mota tsakanin masana'antar da tashar, kuma babu mai masana'antar da zai yarda cewa 3.2 ɗin da ya faɗa ta haɗa da wannan dako. Shi a ransa Ningbo yake nufi, kai kuma a ranka inda wakilinka yake kake nufi, kowa yana ganin magana ta ƙare. Shi ya sa rubutun da ya cika shi ne `FOB Ningbo, Incoterms 2020`, da sunan tasha da shekarar bugun ƙa'idar.

Ya kamata a sani kuma cewa waɗannan ƙa'idoji suna magana ne kan rabon ɗawainiya da kuɗin jigila da haɗari kaɗai. Ba su ce komai a kan lokacin biyan kuɗin kaya ko ranar kammala aiki ba, saboda haka rubuta FOB daidai ba ya ɗauke maka wajibcin fayyace waɗancan.

Ya ce FOB, sannan ya ce zai kai kaya wurin wakilina. Shin maganganun biyu ba abu ɗaya ba ne?

Ba abu ɗaya ba ne, kuma a ganina nan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a dube shi da kyau, domin a nan ne ƙananan 'yan kasuwa suka fi biyan kuɗin abu ɗaya sau biyu.

Filas 3,000, idan ana zuba 30 a kowane kwali, sun zama kwali 100. Idan kowane kwali yana da tsawon santimita 60, faɗi 40, tsayi 50, to girmansa 0.12 ne na ma'aunin da ake rubutawa CBM, wato akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe. Kwali ɗari sun ba da CBM 12. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin CBM 28 idan an yi lodi na gaske, saboda haka kayanka ba su kai rabin kwantena ba, kuma za a haɗa su ne da na wasu. Ke nan kayan ba za su tashi daga masana'anta kai tsaye su hau jirgi ba. Za su fara sauka a siton wani mai haɗa kaya, wanda shi ne wakilin da ake magana a kai.

Daga nan hanya ta rabu biyu. A hanya ta farko, masana'antar za ta kai kayan siton da ke kusa da tashar Ningbo, ta yi takardun kwastan na fita da sunanta, ta kuma biya kuɗaɗen sito da na tasha na ɓangaren Sin. Wannan shi ne abin da farashin FOB ya ƙunsa. A hanya ta biyu, wadda ita ce yawancin 'yan kasuwarmu masu aiki da wakilai a Yiwu da Guangzhou suke bi, masana'antar za ta sauke kayan a ƙofar siton wakili, ta karɓi takardar shaidar isowa, ta yi tafiyarta. Wakilin ne zai yi takardun fita, ya loda kwantena, ya kai ta tasha, sannan ya caje ka duk wannan a cikin kuɗin da yake karɓa a kan kowane CBM. A wannan hanya ta biyu masana'antar ba ta taɓa kwastan ba, ba ta taɓa tasha ba, don haka abin da ta yi bai wuce sayar da kaya a farashin ƙofar masana'anta, wanda ake rubutawa EXW, tare da dakon mota na cikin gida ba. Idan ka biya ta farashin FOB alhali hanya ta biyu aka bi, ka biya kuɗin kwastan da na tasha ga masana'anta, ka sake biyan su ga wakili.

Akwai kuma juyin wannan matsala. Wasu ƙananan masana'antu da masu shaguna a kasuwar Yiwu ba su da rajistar fitar da kaya waje da sunansu, kuma idan suka rubuta FOB abin da suke nufi kawai shi ne farashin bai haɗa da dakon teku ba. Sai ranar da kaya suka isa sito wakili ya nemi takardun fita, a ce masa babu, a dawo kanka da ƙarin kuɗi. Hanyar gane wanda kake hulɗa da shi ita ce tambaya ɗaya tak: wa zai yi takardun kwastan na fita, kuma da sunan wa? Amsar wannan tambaya ta fi haruffa ukun da aka rubuta gaya maka gaskiyar cinikin.

Masana ƙa'idojin suna ba da shawarar a yi amfani da FCA maimakon FOB ga kayan da ake miƙa wa mai jigila a sito ko a cikin kwantena, domin a FCA nauyin mai sayarwa yana sauka ne a lokacin miƙa kayan, bayan ya yi takardun fita. Shawara ce mai kyau, amma masu sayarwa da yawa ba su saba da ita ba. Abin da na fi amincewa da shi shi ne a rubuta sharaɗin, sannan a bi shi da jimla ɗaya mai sauƙi da ke lissafa abin da mai sayarwa zai biya.

Tun da ya fara da `Ok`, ba yana nufin ya amince da duk abin da na rubuta masa ba ke nan?

A'a, kada a ɗauke shi haka. A Sinanci akwai kalmomin amsa saƙo kamar `好的` da `收到`, waɗanda sau da yawa ma'anarsu ba ta wuce "to" ko "saƙo ya iso" ba, kuma su ne suke komawa `Ok` idan aka juya su Turanci. Daidai yake da yadda mutum zai ce maka "to, na ji" a kasuwa, ba tare da ya sallama maka kayan ba. Idan ka rubuta buƙatu shida a cikin sakin layi guda aka amsa da `Ok`, ba ka da hujjar cewa an karɓi ko da guda ɗaya daga cikinsu.

Kwana 25 ɗin nan daga yaushe suke farawa, kuma a ina suke ƙarewa?

A al'adar masana'antu, ƙirgen yana farawa ne daga ranar da kafin alƙalami ya shiga asusunsu, ba ranar da ka tura shi ba, kuma tsakanin ranakun biyu ana iya samun kwanaki kaɗan. Idan akwai tambari ko zanen kwali da kai za ka amince da shi, wasu ba sa fara ƙirge sai ranar da ka amince. Ƙarshen kwanakin kuma shi ne ranar da kaya suka kammala a masana'anta, ba ranar tashin jirgi ba, balle ranar isowa. Bayan kwana 25 ɗin akwai jiran cikar kwantenar wakili, akwai tafiyar teku daga Ningbo zuwa Legas wadda takan haura wata guda, akwai fitar da kaya daga Apapa ko Tin Can, sannan doguwar hanyar mota zuwa Kano. Wanda yake son filas ɗinsa su riski kasuwar azumi, daga ranar da yake son ganin su a shago zai fara lissafi ya koma baya.

Sai kuma batun ko ranakun aiki ake nufi ko ranakun kalanda, domin kwana 25 na aiki suna iya kai wa mako biyar. Hutu biyu ne suka fi ɓata lissafi. Na farko shi ne hutun ranar ƙasa da ke farawa ranar 1 ga Oktoba, wanda yakan ci mako guda. Na biyu, wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, shi ne bikin sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2026 ya kama ranar 17 ga Fabrairu. Hutun gwamnati na wannan biki bai wuce kwanaki kaɗan ba, amma ma'aikata suna tafiya garuruwansu tun kafin lokacin, ba sa kuma dawowa gaba ɗaya, saboda haka masana'anta tana iya shafe makonni ba ta aiki yadda ya kamata. Idan odarka ta kusanci ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, nemi a rubuta maka kwanan wata takamaimai, kuma a rubuta sunan watan da haruffa, kamar `20 March`, domin Sinawa suna fara rubuta shekara, sai wata, sai rana, kuma `3/4` yana iya zama watan Maris ko na Afrilu gwargwadon mai karantawa.

Me ake nufi da `balance before shipping`, kuma akwai haɗari a ciki?

Jimillar kuɗin misalinmu dala 9,600 ce. Kafin alƙalami na kashi 30 ya kama dala 2,880, ragowar kashi 70 kuma dala 6,720. Tambayar ita ce wane lokaci ne wannan babban kaso zai bar hannunka. A wurin yawancin masana'antu, `before shipping` yana nufin kafin kaya su bar ƙofar masana'anta, ba kafin jirgi ya tashi ba. Wato za ka biya duka kuɗin kayan tun suna hannun mai su.

Wannan tsari ne da aka saba da shi, musamman a cinikin farko, kuma neman sa ba alamar yaudara ba ce. Abin da ya rage gare ka shi ne ka ɗaura biyan a kan wani abu da za a iya gani. Mafi sauƙi shi ne a ce za a biya ragowar bayan wakilinka ko wani mai duba kaya ya je ya buɗe wasu kwalaye, ya ƙirga, ya gwada kayan da samfurin da aka amince da shi. Ga filas, gwajin ba wuya: a zuba tafasasshen ruwa, a rufe, a jira 'yan mintuna, idan jikin filas ɗin ya ɗauki zafi daga waje to ba zai riƙe zafi ba. Akwai wani tsarin da ya fi wannan kare mai saye, wanda ake rubutawa `balance against copy of B/L`, wato a biya ragowar bayan an ga kwafin takardar shaidar lodi da kamfanin jirgi ya bayar, mai sayarwa kuma ya riƙe ta asalin har kuɗinsa su shigo. Sai dai masana'anta ba ta cika yarda da shi ba idan wakilin mai saye ne ke riƙe da kayan, domin da zarar ta sauke su a sitonsa ba ta da sauran abin riƙewa.

Ba zai fi sauƙi in ce ya ba ni farashin CIF ko DDP in huta da duk wannan ba?

Yana iya zama da sauƙi, amma kowannensu yana da nasa wurin tuntuɓe. A CIF mai sayarwa yana biyan dakon teku da inshora har tashar da aka ambata, misali Legas, amma haɗarin kayan yana komawa kanka tun lokacin da suka hau jirgi a Sin, daidai da FOB. Inshorar da ƙa'ida ta wajabta masa kuma mafi ƙanƙanta ce, a kan kashi 110 cikin ɗari na darajar kayan, kuma ba ta rufe kowace irin asara. Bayan haka, shi ne zai zaɓi mai jigila, kuma a kayan haɗaka an sha ganin dakon teku mai arha da ake fanshe shi da manyan caje-caje a tashar sauka. Ga mai shigo da kaya Najeriya ta hanyar Form M kuwa, wato takardar da ake buɗewa a banki kafin a shigo da kaya, inshorar da ake nema ta kamfanin cikin gida ce, shi ya sa CFR, wanda ya haɗa dako ba tare da inshora ba, ya fi dacewa da takardunsa. Idan ka ga an rubuta `CNF` ko `C&F`, tsohon sunan CFR ne.

DDP kuwa a ƙa'ida yana nufin mai sayarwa zai kawo kaya har wurin da aka ambata a ƙasarka, ya biya harajin kwastan da komai. Idan aka ba ka wannan farashi, tambayi wurin da kayan za su tsaya, domin siton wani a Legas daban, shagonka a Kano daban.

To, yaya zan rubuta amsar tabbatarwa?

Manufar amsar ita ce ka cike kowane giɓi da abin da ka fahimta, ka jera su da lamba, yadda ba abin da ya rage wa mai sayarwa sai ya ce e ko a'a a kan kowanne. Kada ka tambaye shi abin da yake nufi, domin hakan yana tilasta masa rubuta dogon Turanci, abin da yake gudu tun farko. Faɗa masa abin da ka ɗauka yana nufi, ka bar shi ya gyara.

```
Thank you. Please answer Yes or No for each point.
1. Goods: 3,000 pcs, 1 litre flask, same as approved sample.
2. Price: USD 3.20 per pc. Total USD 9,600.
3. Term: FOB Ningbo, Incoterms 2020. You pay trucking,
   export customs and port charges in China.
4. Payment: T/T. Deposit USD 2,880. Balance USD 6,720
   after inspection, before goods leave your factory.
5. Goods ready 25 calendar days after you receive deposit.
6. Please send carton size, gross weight and total CBM.
Please write all points in the PI. I will pay after I get the PI.
```

`PI` da aka ambata a ƙarshe ita ce takardar farashi da mai sayarwa yake fitarwa kafin a biya kuɗi. Wannan saƙo ya dace da hanya ta farko, inda masana'anta ce za ta yi takardun fita. Idan kuwa wakilinka ne zai yi su, kuma siton nasa yana Yiwu, sai ka cire lamba ta uku ka sa wannan a madadinta, wadda take neman a sauke farashin tun da an sauke ɗawainiyar:

```
3. You deliver to my agent's warehouse in Yiwu. You pay the truck.
   My agent does export customs. This is not FOB.
   Please give your price for this.
```

Kafin ka zaɓi ɗaya daga cikin biyun, yi magana da wakilinka tukuna, ka ji abin da kuɗinsa ya ƙunsa da cikakken adireshin sitonsa. Mutane da yawa suna kammala magana da masana'anta kafin su tuntuɓi wakili, alhali shi ne ya san inda ɗawainiyarsa take farawa.

Me ya sa Turancin ya zama gajere haka, babu doguwar gaisuwa? Ba zai zama rashin ladabi ba?

Mu mutane ne da ba ma shiga magana sai mun tambayi gida da iyali da gajiya, kuma na san barin wannan yana yi wa mai rubutu nauyi. Ana iya yin gaisuwa a saƙo na daban, kuma yana da kyau a yi. Amma saƙon tabbatarwa takarda ce ta aiki, kuma mai yiwuwa ne wanda zai karanta shi ya danna maɓallin fassara na manhajar WeChat ko ta Alibaba ya karanta shi da Sinanci. Doguwar jimla mai sharaɗi a cikin sharaɗi tana lalacewa a irin wannan fassara, gajera kuwa tana isa lafiya.

Saboda wannan dalili aka rubuta kowane kuɗi da adadinsa, ba a tsaya ga kaso cikin ɗari ba, aka kuma sa `USD` a gaban kowanne. An guji tambaya mai korewa, irin `You don't pay port charges?`, domin mai Sinanci yana iya amsawa da `Yes` yana nufin "e, ba na biya", kai kuma ka ɗauka ya ce zai biya. Mu ma a Hausa haka muke amsa irin wannan tambaya, don haka ruɗanin ba baƙo ba ne gare mu. An kuma guji taƙaita lambobi kamar `3k`, domin Sinawa suna ƙirga manyan lambobi da dubu goma-goma ne, har ma wasu kan rubuta `1w` a hira suna nufin 10,000.

Lokacin turawa ma yana da tasiri. Agogon Sin yana gaban na Najeriya da Nijar da awa bakwai, ke nan idan ka buɗe shago da ƙarfe goma na safe, ƙarfe biyar na yamma ne a Yongkang, ana shirin tashi daga aiki. Saƙon da aka tura bayan sallar asuba yana samun su da tsakar rana a ofis, lokacin da ma'aikaciyar za ta iya tambayar mai gidanta abin da ba ta da ikon yankewa.

Na tura jerin, ya dawo mini da `Yes` guda ɗaya, ko ya amsa wasu ya tsallake wasu. Me zan yi?

Idan ya tsallake wata lamba, mayar masa da ita ita kaɗai, kamar `Point 3: Yes or No?`, kada ka haɗa ta da wata magana. Lambar da aka tsallake sau biyu galibi ita ce wadda ba a yarda da ita ba, domin mutane da yawa a can sun fi son yin shiru a kan abu da su fito fili su ce a'a ga abokin ciniki. Haka kuma amsoshi irin `we will try` ko `should be ok` ba amincewa ba ne.

Idan kuwa `Yes` ɗaya ya bayar, ba sai ka ja maganar ba, domin hukunci yana ga takardar da ake kira PI, wato takardar farashi ta share fage da mai sayarwa yake fitarwa da sunan kamfaninsa da hatiminsa kafin a biya kuɗi. Ajiye ta gefe da saƙonka ka bi su layi-layi: nau'in kuɗi, sunan tasha bayan FOB, adadin kafin alƙalami da na ragowa, ranar kammalawa, da yawan kwalaye. Abin da aka amince da shi a hira amma bai bayyana a PI ba, nemi a ƙara shi a sake turo ta, domin wadda ta yi hira da kai ba ita ce za ta loda mota ba, kuma masu lodin takardar suke dubawa.

Duba kuma sunan mai asusun bankin da ke ƙasan takardar, ka tabbatar ya yi daidai da sunan kamfanin da ke samanta. Idan sun bambanta, nemi bayani a rubuce kafin ka tura ko sisi. Idan kuma daga baya wani saƙon imel ya zo yana cewa an sauya asusu, kada ka amsa ta cikin wannan imel ɗin. Kira wadda ka saba magana da ita ta lambar da kake da ita tun farko, ta bidiyo idan zai yiwu, ka karanta mata lambar asusun ta tabbatar da bakinta, sannan ka nufi banki da dala 2,880 ɗinka.